Layi Huɗu na Ina-Takarda

Shekara tara ta yi tana riƙe da makullan sito a kamfanin robobi, har sunanta ya ɓace, kowa sai dai Ina-Takarda. Ko ƙusa ɗaya kake so, sai ka miƙo takarda mai sa hannun shugabanka ta 'yar tagar nan. Da kamfanin ya rufe, sai ta dawo gida da halinta. Cikin wata takwas ta liƙa wa kowane gwangwani na kicin suna da lamba. Mijinta, tela ne mai haƙuri, ya wayi gari ba ya iya ɗaukar cokalin sukari sai an tambaye shi dalili.

Abin dariya ne ga mai kallo, amma ita tsoro ne ya cika ta. Ta haura arba'in, ta cike takardar neman aiki a intanet ya fi sau talatin, ko "mun gani" ba a ce mata ba. Yanzu ga wani kamfanin lemo yana neman mai kula da sito, aikin da kamar don ita aka yanka, kuma ta san takardarta za ta nutse cikin ɗaruruwa.

Ƙanwarta, wadda ke aikin ofis, ta zo ranar hutu ta zauna a kan buhun shinkafa mai lamba bakwai.

"Yaya, manajar da za ki yi aiki a ƙarƙashinta ita za ki nema. Wa kika sani da ya san ta?"

Suka bi lambobin wayarta kaf. Mutum ɗaya tak suka samu da ke aiki a kamfanin: Injiniya.

"Gara in sayar da gyaɗa," in ji Ina-Takarda.

Ai kuwa tana da dalili. Injiniya shi ne mai gyaran injuna a tsohon kamfaninsu. Wata rana bel ɗin da ke juya inji ya tsinke, ya zo taga a guje, hannu duk baƙin mai, ta ce ina takarda. Minti arba'in inji na tsaye yana farautar mai sa hannu. Tun daga ranar, gaisuwarsu ba ta wuce ɗaga gira.

"Ranar wanka ba a ɓoyon cibi," in ji tela daga bakin ƙofa. "Don Allah ki roƙe shi. Ni ma in huta."

Ƙanwar ta tsara mata yadda ake yi. Saƙo biyu ne. Na farko nasa ne shi kaɗai: gaisuwa, sunan aikin, roƙon ya haɗa ta da manajar, da kuma ƙofar fita, wato in bai ga dama ba babu komai. Na biyu layi huɗu ne a kanta, wanda zai tura yadda yake ba sai ya gyara ko waƙafi ba.

Na farkon bai ba ta wuya ba, duk da sai da ta danne zuciyarta kafin ta rubuta "don Allah". Na biyun ne aiki. Ƙanwar ta ce manajoji na son mai daɗin zama, don haka suka rubuta cewa ita mace ce mai sauƙin kai, mai fara'a, mai saurin biya wa abokan aiki buƙata. Tela ya karanta, ya yi tari, ya koma kan kekensa.

Suka tura wa Injiniya, ba a yi awa ɗaya ba sai ga kiransa. Dariya ta fara ji kafin sallama.

"Hajiya, wace ce wannan baiwar Allah da kika turo min? Ina son in san ta."

"Injiniya, in ba za ka yi ba, ai na ce babu komai."

"Tsaya mana. Duk abin da na tura, sunana ne a samansa. In na ce wa matar nan kina da sauƙin kai, ta zauna da ke mako ɗaya, ko wayata ba za ta ƙara ɗauka ba. Fara'a? Ke? Shekara tara ban ga haƙorinki ba."

Kunya da haushi suka kama ta.

"To me zan rubuta? In ce ni ce wadda ta tsayar da inji minti arba'in?"

"Arba'in da biyar. Ki rubuta abin da zan iya rantsuwa a kai. Sannan sai na fara tambayarta ko tana so a haɗa ku. In ta ce a'a, shi ke nan, kada ki riƙe ni."

Ta ajiye wayar a kan firji da ƙarfi. Ta ture ƙanwar gefe, ta sake ɗaukar wayar, ta rubuta da yatsa ɗaya, cikin fushi: Shekara tara ina kula da siton kayan gyaran injuna a kamfanin robobi, kaya iri dubu da ɗari biyu. Ba na fitar da komai sai da takarda, ko wane ne ya zo. Nakan yi odar kaya kafin su ƙare. Na nemi aikin sitonku, kuma ina son minti goma mu yi magana.

"Yaya, wannan ai kamar gargaɗi ne," in ji ƙanwar.

Ta riga ta tura.

Kwana uku shiru. Ta tabbata Injiniya ya samu abin ba da labari a wurin shan shayi, ta yi ta cizon yatsa. Ko lambar gwangwanaye ta daina dubawa, har tela ya fara damuwa da gaske.

Rana ta huɗu da hantsi imel ya shigo, ita da manajar a haɗe. Layukanta huɗu na ƙasa, ba a taɓa su ba. A sama Injiniya ya ƙara nasa:

"Ranki ya daɗe, ga wadda na faɗa miki. Ba abokiyata ba ce. Ta taɓa hana ni bel inji na tsaye, kuma har yau ban huce ba. Amma shekara tara ban taɓa kawo takarda ta ce min kayan babu ba. A nan kuwa sau uku bana ina zuwa sito da takardata, in tarar da kantar kayan wayam. Na bar ku ku ƙarasa."

Ta karanta sau uku. Duk tsawon shekarun nan ta ɗauka babu wanda ya lura da komai sai tsaurinta, ashe wanda ya fi kowa jin haushinta shi ya lura. Hawaye ya zubo mata. Tela ya miƙo mata tsumma daga aljihun tebur mai lamba huɗu, bai nemi izini ba.

Ta amsa a ranar, ta gode wa Injiniya a layi ɗaya, ta ba manajar lokuta biyu ta zaɓa. Minti goman ya zama awa guda, aka sake kiranta ganawa, aka ba ta makullai.

A makonta na farko sai ga Injiniya a taga, hannu duk baƙin mai.

"Fis na lantarki ɗaya, Hajiya, da sauri. Ni ne fa na kawo ki gidan nan."

Ta dube shi, ta dubi kantar, fis ɗin na nan kusa da gwiwar hannunta.

"Na sani, Injiniya. Allah ya saka da alheri. Ina takarda?"

Ya sa yatsu biyu a aljihun gaba ya zaro ta, da sa hannu da komai, tun safe take nan a ninke.

"Da kin ba ni babu takarda," ya ce, "da yanzu ina ofishin manaja ina janye maganata."

A ranar ya fara ganin haƙorinta.