Fitilun da Suka Jira Kwana Biyu

Likitan ido bai ɓoye musu komai ba. Ya ce idon Baba yana ja da baya a hankali, magani zai rage masa gudu amma ba zai tsayar da shi ba. Abin da yake gani dishi-dishi bana, baɗi sai dai labari. Baba ya saurara tsaf, ya gyara hularsa, ya ce to shi buƙatarsa ɗaya ce: a kai shi inda zai ga kaza da 'ya'yanta, tarin taurarin nan da yake ƙirgawa yana yaro, tun idon yana iyawa.

Kuma wa aka ɗora wa wannan aiki? Ɗansa Injiniya, mutumin da sana'arsa ke nan kafa fitilun titi masu aiki da hasken rana! Shekara goma sha biyu yana korar duhu gari-gari, yau shi ake aika neman duhu.

"Kai ka ɓatar da shi, kai za ka nemo," in ji Baba.

Ranar Asabar da hantsi suka baje a falon Yaya, babbar 'yar Baba, wadda ba a yanke magana a gidan sai da ita. Kalanda a kan tebur, taswirar aikin Injiniya a ƙasa an danne kusurwoyinta da kofuna. Yaya ta dangwala yatsa a kan kalanda.

"Daren sha huɗu. Wata ya cika, ko'ina tar, ba mai tuntuɓe."

Injiniya ya dafe kai. "Haba Yaya! Ai watan ne babban abokin gaba. Daren sha huɗu rana na faɗuwa yake fitowa, ya kwana a sama, ya shanye ƙananan taurari kaf. Mu ƙarshen wata muke so, daga ashirin da bakwai zuwa tsayuwar sabo, lokacin da ba ya sama da dare."

"Oho, ashe har wata ma ɗan kamfaninku ne."

Baba ya yi dariya har da tari. Sai aka koma kan lokaci. Yanzu damina ce, gajimare ya rufe sama, ko an je asarar mai ce. In kuma an yi jinkiri da yawa, manoma sun fara ƙona gonaki, hayaƙi ya tsaya a sama. Tsakanin nan akwai 'yan makonni bayan ruwa ya ɗauke, sama a wanke tas, kuma a lokacin kazar tana ɗagowa daga gabas tun da farkon dare, ba sai tsoho ya yi ta zaman jira cikin sanyi ba. Da suka haɗa wannan da ƙarshen wata, dare biyu ko uku kacal suka rage a hannunsu. Yaya ta zagaye su da jan biro.

Saura wuri. Baba ya ce garinsu na haihuwa mana. Injiniya ya sosa ƙeya.

"Baba, fitila arba'in da biyu na kafa a can bara. Kai ma ka sa mini albarka."

"Na janye," in ji Baba.

Bakin dam fa? Akwai gidan mai da ke kwana da fitilu kamar ana biki. Bayan dutse? Hasken babban gari yana haurowa ta gabas, daidai inda kazar za ta fito. Haka suka yi ta bi, duk inda aka ambata sai Injiniya ya sunkuyar da kai ya ce ai ya riga ya je. Can a gefen taswira Yaya ta hango wani ƙauye da ba a ɗiga masa jan ɗigon da ke nuna an kafa fitilu ba. Tafiyar awa uku, babu babban gari kusa, ga filin makaranta a buɗe ta ko'ina, mota tana shiga har ciki.

Murna ta kama su. Shi kuwa Injiniya bai taya su murna ba, domin ya san ƙauyen sarai. Shi ne na gaba a jadawalin aikinsa, fitila goma sha shida, shida daga ciki a kewayen filin makarantar nan, kuma ranar kunnawa ta faɗo daidai daren farko da Yaya ta zagaye. Ba dama a wuce gaba, don hanyar mota a nan ta ƙare, Baba kuma ba ya iya doguwar tafiya a ƙasa.

Abin ya dame shi ƙwarai. Ya hana mutane hasken da suka daɗe suna jira saboda son ransa? Ko ya ce da Baba sai baɗi, alhali ya ji abin da likita ya ce game da baɗi? Yaya ta ce ya zare waya shiru, ya ce wa mutanen ƙauyen batir ne ya ba da matsala. Ya ce a'a, ƙarya ɗaya in ya yi, duk ranar da fitila ta mutu da gaske ba mai yarda da shi. Shugabansa a wurin aiki ya ce shi ba ruwansa, in mutanen gari sun amince.

Bayan ruwa ya ɗauke, Injiniya da ma'aikatansa suka kafa turaku, suka ɗora farantin hasken rana da batir. Ran da aka gama, da la'asar, ya sami mai gari a ƙarƙashin bishiya da dattawa, ya durƙusa ya zayyana komai, yana gumi kamar mai neman aure. Mai gari ya dube shi, ya dubi fitilun.

"Wato ka kawo mana haske, kuma ka zo aron duhunmu?"

"Kwana biyu kawai, ranka ya daɗe."

Dattawa suka fashe da dariya. Wata tsohuwa da ke tsintar wake a gefe ta ce ita tun da aka haife ta take cikin duhun nan, ba ta taɓa jin wanda ya yi tafiyar awa uku don ya gan shi ba, lallai a kawo mata wannan mutum ta gan shi. Mai gari ya ce an ba shi, amma dare na uku in fitila ba ta kama ba, shi Injiniyan za a ɗaure a kan turke ya riƙe tocila.

Daren farko gajimare ya ɗan yi musu wasa, suka haƙura. Dare na biyu sama ta buɗe. Suka kwantar da Baba a kujera mai jingina a tsakiyar fili, aka lulluɓe shi da bargo, rabin ƙauyen zaune kewaye da shi. Injiniya ya karɓe wayar Yaya, ya ce ido yana buƙatar kamar rabin awa kafin ya saba da duhu, haske ɗaya ya mayar da aiki baya. Ta yi tsaki ta miƙa.

Baba ya daɗe yana duban gabas. Injiniya kuwa ko sama bai kalla ba, fuskar Baba yake ƙoƙarin gani, tsoro ya cika shi ko sun makara. Sai ya ji hannun tsohon ya damƙi nasa.

"Ga ta can. Ɗaya, biyu... uku... huɗu." Ya juyo wajen ɗansa. "Kai nawa kake gani?"

"Shida, Baba."

"A da bakwai nake gani, na fi ka ido." Baba ya yi dariya. "Huɗun nan ma sun ishe ni. Kada kowa ya tashe ni tukuna."