Zanen Kumatun Malam Sahabi

Tun hantsi Yazid yake duƙe gaban kwamfuta a shagonsa na Tudun Wada, yana gyaran tsohon hoton Malam Sahabi, mahaifin Inna Zulai, bayan ya yi wa hoton sikanin ya shigar da shi cikin kwamfutar. Bai bar na'ura ta share dattin da kanta ba, don takan dusashe fuska. Faɗaɗa hoton ya yi, yana ɗebo launi daga gefe yana rufe ɗigon ƙura, tabon manja da duk wani karce, har idonsa ya yi ja.

Da la'asar Inna Zulai ta iso daga Kwatarkwashi. Ta daɗe tana kallon kumatun nan sumul.

"Ɗan nan, ina zanensa? Wanzami ya yi masa, ba ɓera ba."

Yazid ya sauke numfashi, ya sake buɗe hoton asali.