Maikano da Ranar Wudil

Maikano ya dawo Wudil daga karatun noma a Amurka, amma jikinsa ya ƙi biyo shi. Awa shida ke tsakanin agogon can da na nan, sai dare ya raba yana ƙirga azara, gari ya waye kansa kamar an cusa auduga. Ga shi ran Litinin da safe za a yi masa intabiyun aiki a Kano.

Tun a Amurka wani likita ya gargaɗe shi: ya guji hasken sassafe, don jikinsa zai ɗauka yamma ce, ya sha rana daga wajen sha ɗaya, ya ci abinci lokacin da gari ke ci.

Haka ya yi. Masu zuwa barka da sauka suka riƙa samunsa a ƙuryar zaure da baƙin tabarau, yana tura koko da ƙosai ba yunwa. Da rana ta take, kowa na neman inuwa, shi kuwa ya nufi bakin kogi.

"Ɗan nan," in ji Baffa Wali, "karatun ne ya taɓa ka?"

"Magani ne, Baffa."

"To, Allah ya sawwaƙe."

Ran Litinin ya amsa tambayoyi garau, ya sami aikin. Shugaban kwamitin ne ma ya yi gyangyaɗi.