Kibiyar da Babu a Jikin Takarda

Saveta ba ta san boko ba, amma ta san tsoro, kuma tsoron ne ya sauko da ita daga kan dutse ranar Lahadi bayan an tashi daga coci. Maƙwabciyarta ce ta faɗa mata a bakin ƙofa, wai za a yanke tsohon bututun idon ruwa saboda aikin sabon tankin ruwan ƙauye.

Gida uku ne kacal a saman ƙauyen, kuma wannan bututun ne ruwansu. Shekara huɗu da suka wuce masu gyaran hanya sun fasa shi, ba wanda ya ce mata ko sannu. Ta yi wata biyu tana jidar ruwa da bokiti a kan ƙanƙara, har ta zame ta karya ƙugu. Yanzu ga mijinta Ilarie kwance, rabin jikinsa a mace, wanki sau biyu a rana. Ma'aikaciyar jinya ta riga ta gaya mata ba ɓoye-ɓoye: ranar da gidan ya rasa ruwa, asibitin tsofaffi na birni za a kai shi. Saveta ba ta taɓa ganin wanda ya dawo daga can ba.

Ta tarar da su a ajin makaranta. Gligor, shugaban ƙauye, ya cika kujerar malami da tumbinsa. Otilia, injiniyar da aka turo daga gunduma, tana tsaye gaban wata doguwar takarda da ta manna a allo.

"A'a, Inna Saveta! Yau kin sauko ganin talakawa?" in ji Gligor.

"Rufe min baki. Na san ka tun kana yawo da majina. Ke 'yar nan, mene ne wannan zanen?"

"Jadawalin Gantt ake ce masa, Inna," in ji Otilia. "Kowane layi aiki ɗaya ne. Kowane gida a sama mako ɗaya ne. Tsawon sandar nan shi ne tsawon aikin. Kibiya kuma tana nufin wannan ba zai fara ba sai wancan ya ƙare."

"To karanta min. A hankali, ba irin karatun rediyo ba."

Otilia ta bi da alƙalami. Ginin tanki, mako biyu. Kibiya. Siminti ya yi ƙwari, mako huɗu, a lokacin kuma motar haƙa tana shimfiɗa babban bututu. Kibiya. Cika tanki a ga ko yana yoyo, mako na bakwai. Kibiya. Wanke bututu da magani a kai ruwan gwaji, mako biyu. Sai haƙa ƙananan ramuka a jona gidajen ƙasa, mako na goma, gidajen sama mako na goma sha ɗaya. A farkon na goma sha biyu akwai jan layi daga sama har ƙasa.

"Jan nan fa?"

"Farkon Nuwamba. Daga nan ƙasa na iya daskarewa, haƙa ya gagara."

Saveta ta matsa har hancinta ya kusa taɓa takardar. Ta hango wata 'yar guntuwar sanda a farkon mako na bakwai.

"Wannan ƙaramar?"

"Yanke tsohon bututu, a juya idon ruwan zuwa tanki."

Saveta ta ɗora yatsa a kan guntuwar, ta ja shi gida-gida har sandar gidajen sama. Ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar.

"Mako biyar. Me zan sha? Da me zan wanke mijina?"

"Ai rijiyar gidanku za ta riƙe ku," in ji Otilia.

"Rijiya? A kan dutse? Wa ya ce miki muna da rijiya?"

Otilia ta juya ta kalli Gligor. Shi kuwa ya shiga sosa ƙeya. "Na ce mata kowa yana da rijiya. Ina nufin... yawanci."

"Yawanci!" Saveta ta buga sandarta a ƙasa. "Haka kuka ce wancan karon, na kwanta wata uku. Ba wanda ya hau ya dube ni. Yau ba zan fita ba sai kin sa min kibiyar nan. Kada a yanke nawa sai sabon ya zo."

Fuskar Otilia ta yi ja. "Laifina ne, ban hau na gani da idona ba. Amma Inna, tankin yana bukatar ruwan kafin a jona ku. In na ce yankewa ta jira jonawa, jonawa kuma tana jiran cika tanki, cika tanki yana jiran yankewa, to kiban sun zagaye, babu aikin da zai fara."

A ranta Saveta ta ga motar asibiti a ƙofar gidanta, ta ga Ilarie yana bin ta da idon nan nasa ɗaya mai motsi. Ta dafa tebur.

"Ruwan ba ya rabuwa ne? In na zuba wa kaji ai ina rage wa akuya."

Otilia ta ɗauki fensir. Ta ƙara sabon layi: a sa mahaɗa mai baki biyu a idon ruwa, kwana biyu, a yi shi tun siminti yana ƙwari, ta ja kibiya daga nan zuwa cika tanki. Ta goge guntuwar sandar, ta mayar da ita can ƙarshe.

"Amma da rabin ruwa tankin zai ɗauki mako biyu kafin ya cika a gwada shi." Ta tsawaita sandar da gida ɗaya. Duk na bayanta suka matsa, ɗaya bayan ɗaya, don a ɗaure suke. Sandar gidajen sama ta faɗa bayan jan layi.

"Kin gani ko?" in ji Gligor. "Kin jawo wa kanki. A rage kwanakin simintin mana."

"Ba za a taɓa su ba," in ji Otilia. "Sai dai in kana so tanki ya tsage."

Saveta ta zura wa takardar ido har ta fara ganin dishi-dishi. In sanyi ya riga su, tsohon bututun ne kawai zai riƙe ta, shi kuwa duk faci ne tun wancan fashewar. Sai ta lura layukan gidaje fari ne fes a ƙarƙashin makonnin siminti.

"Ƙananan ramukan nan, su ma sai sun jira tanki? Rami yana shan ruwa ne?"

"A'a. Buɗe ruwan ne kawai yake jira. Haƙa da shimfiɗa bututu ana iya yinsu yanzu, jonawar duka ta koma kwana uku. Na haɗe su ne don an ce min babu maza a Satumba."

"Lokacin tsinkar 'ya'yan itacen pruna ne," in ji Gligor. "Wa zai bar itatuwansa? Da me za a dafa barasar bana?"

"Au, barasa." Muryar Saveta ta yi ƙasa. "To ni zan haƙa nawa, da wannan ƙugun. Kuma duk Lahadi zan tsaya a ƙofar coci da diga a hannuna, in gaya wa kowa dalili. Daga matarka zan fara."

Gligor ya dube ta, ya dubi digan da babu shi a hannunta tukuna. "Asabar huɗu," ya ce da ƙyar. "Ni da surukaina da duk wanda na kama. A fara da saman."

Otilia ta raba layin biyu, haƙa ya koma Satumba, jonawa ta zauna a mako na goma sha ɗaya, saura kwana huɗu kafin jan layi. Ta ja kibiya daga jona gidajen sama zuwa yanke tsohon bututu.

"Ba da fensir ba," in ji Saveta. "Na ga yadda kike gogewa."

Otilia ta bi ta da biro, Gligor ya sa hannu a gefe, ta kwafa wa Saveta a ƙaramar takarda.

Saveta ta hau gida tana hutawa a kowace kwana. Kwana huɗu ba yawa ba ne, ta taɓa ganin ƙanƙara tun Oktoba. Ta soke takardar a ƙusa saman gadon Ilarie, ta nuna masa kibiyar.

"Ka gan ta? Muddin tana nan ba inda za ka."

Sannan ta je ta murɗa famfo, ta tsaya tana sauraron ruwan yana zuba a bokiti.