Ramin da Yaya Ya Zana

A gaban mai kayan da ya ba su aiki Yaya ya zazzaga wa ƙanwarsa masifa, don tayar robar da suka buga a injin 3D mai ƙera kaya ta zame daga sandarta, alhali da ƙarfi ya kamata ta shiga ta kame.

"Ke kika rage kaurin sandar!"

Ta ɗauko ma'auni. Sandar da ta zana milimita goma cif, yadda aka tsara. Ramin tayar, wanda shi ya zana, goma da ɗigo uku. Irin ratar da ake bar wa murfi mai ƙugiya ya bari, wanda sai da sarari yake lanƙwasawa ya kama; taya kuwa matsewa take buƙata.

Yaya ya leƙa ma'aunin, ya ga kuskuren nasa ne.

"Injin ne, Alhaji," ta ce wa mai kayan. "Gobe za mu gyara."

Da zagin Yaya ta yi, da ya fi masa sauƙi.