Shagon Abdulbaƙi mai ƙofar gilashi

Shagon Malam Abdulbaƙi ba shi da ƙofar gilashi, bai taɓa yi ba. Rumfar kwano ce a gindin wata tsohuwar bishiyar bedi, wato darbejiya, kan hanyar da ta fita Jibiya ta nufi boda. Kayan babur yake sayarwa: tayu, sarƙa, fulogi, madubi, duk abin da ɗan acaɓa zai nema. Shekara goma sha tara yana nan, kuma ba a taɓa cewa ya ba wani jabu da sunan na asali ba. Wannan suna shi ne dukiyarsa, ya fi kayan da ke cikin rumfar.

To, sai ya ga abokan sana'a kowa na ɗora hoton shagonsa a waya. Ya kira Na'ima, ɗiyar amininsa ce, tana da ɗakin ɗaukar hoto kusa da tasha. Ta zo da hantsi, ta tsayar da shi bayan teburinsa, madubai na reto a igiya gefen kafaɗarsa, ta ɗauka. Da ya duba sai ya yamutsa fuska. Kwanon ya yi tsatsa, ga akuya ta leƙo, ga tsohon buhu rataye a reshe.

"Ɗiyata, a gyara mani bayan nan. Abin ya yi ƙauye da yawa."

Bayan kwana biyu ta turo masa hotuna biyu da dogon rubutu a ƙasa. Shi kuwa Abdulbaƙi, Allah Ya sani, in ba saƙon murya ba ne ba ya bi ta kansa. Yana iya karatu sarai, haƙurin ne babu. Ya ga kansa tsaye gaban farin bango mai tayil da ƙofar gilashi tana sheƙi, ya yi dariya, ya tura wa kowa. Rubutun ko kallo bai samu ba.

Hoton ya yi tafiya har Maraɗi, ya faɗa hannun wani Imrana, mai sayen kaya da yawa yana raba wa masu gyaran babur na can. Ya kira, suka yi magana, ya ce ran Lahadi, ranar kasuwa, yana tafe.

Mutanenmu kuwa ba da lambar titi suke neman wuri ba. Hoto ake nuna wa ɗan acaɓa a ce kai ni nan. Haka Imrana ya yi da ya tsallako. Wayar Abdulbaƙi na wajen mai caji a kashe. Ɗan acaɓa ya kai baƙon kantin magani, ya kai shi shagon wayoyi, duk inda gilashi yake a Jibiya sai da suka je. Sai bayan azahar wani ya ƙura wa fuskar da ke hoton ido ya ce, "Ai wannan Abdulbaƙi ne na gindin bedi."

Imrana ya sauka yana zufa. Ya dubi waya, ya dubi rumfa. Gaisuwar ma a taƙaice ya yi ta.

"Malam, ina butik ɗin?"

"Shagon? Ga shi kana ciki, Alhaji. Bismillah, zauna."

"Ba ni zama. Na san irinku. Mutum ya tafi shagon wani ya tsaya a yi mashi hoto, ya ce nashi ne. Wanda ya yi ƙarya a kan bango, mi zai hana shi yi a kan fulogi?"

Barau mai faci, maƙwabcin Abdulbaƙi, ya ɗago daga kan tayar da yake dannawa cikin ruwa. "Alhaji, ka yi haƙuri, gilashin ne muka kai wanki."

Masu shan shayi a tsallaken hanya suka fashe da dariya, suka fara matsowa. Abdulbaƙi bai yi dariya ba. Ya san in mutumin nan ya koma Maraɗi da wannan labari, kafin sati ya zagayo duk masu gyaran babur na can sun ji cewa akwai maƙaryaci a gindin bedi. Ya rantse cewa nan aka ɗauki hoton. Imrana ya ce rantsuwa ba ta da wuya.

Sai Abdulbaƙi ya aika Barau ya karɓo masa wayarsa daga wajen mai caji, da niyyar kiran Na'ima. Layinta bai shiga ba. Yana ta laluben waya, idonsa ya sauka kan rubutun nan da ya tsallake. Ya fara karantawa a ransa, sai kuma ya ɗaga murya, a hankali, yana bin layi da yatsa.

"Baba Abdulbaƙi, barka da aiki. Ga hotuna biyu. Na farko shi ne yadda na ɗauka, ban taɓa komai ba. Na biyu shi ne wanda na sauya wa baya. Ga yadda na yi. Na bi gefen jikinka, da teburi, da kayan da ke kai, da igiyar madubai, na zagaye su a kwamfuta, na ɓoye duk abin da ke bayansu. Sai na saka hoton wani bango a ƙarƙashi. Bangon da ƙofar gilashin ba na kowa ba ne a garin nan, hoto ne da ake samu don irin wannan aiki. Na tausasa gefen hularka don kada ta yi kamar an yanka da almakashi. Rana ta bugo ka ta dama, shi ya sa na sa inuwa ta hagu, na kuma rage hasken bangon ya dace da naka. Ban ƙara ko ƙusa ɗaya a kayanka ba, ban rage ba. Madubai ma na bar su yadda suke, in ka buɗe hoton sosai za ka ga rumfar mai shayi a ciki, da ni kaina riƙe da kyamara. Baba, don Allah, na biyun na allon talla ne. Wanda zai zo neman shago, na farkon za ka tura masa, don bedin nan da ita ake gane ka."

Barau ne ya fara magana.

"Yaushe ta turo wannan?"

"Sati uku," in ji Abdulbaƙi, murya ƙasa-ƙasa.

"Sati uku! Yarinya ta yi maka wa'azi kyauta, kai ko ka tashi kafin a fara."

Imrana ya buɗe hoton a tasa wayar, ya ware shi da yatsu biyu har madubi ɗaya ya cika fuskar wayar. Ga rumfa mai shuɗin leda, ga babbar butar shayi, ga wata mai jan hijabi da kyamara a fuska. Ya juya ya dubi tsallaken hanya. Ledar na nan, butar na nan tana tururi. Ya matsa wajen teburi, ya sa yatsa a wata tsaga da ke gefensa, ya nemo ta a hoton, ya same ta.

Sannan ya ja benci ya zauna.

"Fiddo fulogin in gani."

Abdulbaƙi ya fiddo kwali biyu, ya ajiye su daban-daban. "Wannan na asali ne. Wannan kuma mai sauƙi ne, ba ya daɗewa. Ka sani tun yanzu."

Imrana ya jujjuya su, ya gyaɗa kai, ya ture mai sauƙin gefe. Suka shiga ciniki har la'asar, Barau na sa baki ba a tambaye shi ba.

Da aka gama ɗaure kaya a bayan babur, Imrana ya ce, "Turo mani na farkon, mai akuyar. Akwai mutum huɗu da ke son zuwa, ba ni so su sha ranar da na sha."

Abdulbaƙi ya tura masa. Bayan sun tafi ya zauna ya danna wa Na'ima saƙon murya mai tsawo, godiya da ban haƙuri a haɗe. A ƙarshe ya ce, "Amma ɗiyata, gaba in za ki faɗa mani abu mai muhimmanci haka, ki faɗa da baki."