Mako Na Biyar, Transista

Jadawalin nan ya yi kyau, wallahi. Kwana biyu na ɓata ina zana shi, na manna a ƙofar ɗakina a unguwarmu ta Nima: mako tara kafin jarrabawar ƙarshe ta semikondakta, wato darasin ƙananan kayan cikin na'urorin lantarki. Makon farko silikon da yadda ake cakuɗa shi, na biyu tafiyar elektron, na uku da na huɗu diyod, na biyar transista, na shida da na bakwai wani nau'insa da ake kira MOSFET, sauran biyun tsofaffin tambayoyi.

Babana, Sumaila mai gyaran rediyo, ya duba ya gyaɗa kai. Ya ce kada in sake taka shago sai na gama, alhali idonsa ya fara rauni kuma ni ke yi masa ƙananan solda. Kowace Juma'a sai ya tsaya ya ga ko na soke layin makon.

Ni kuwa gwanin sokewa ne. In na juya shafuka na kalli bidiyo biyu a waya, to mako ya kammala. Ko lissafi ɗaya ban zauna na warware da biro ba.

A mako na bakwai Baba ya aiko a kira ni. Na tarar da Malam Muftahu, ladanin masallacinmu, zaune a benci, amfilifayar kiran salla a buɗe kan tebur. Da an kunna ta tana aiki lafiya, in ta jima sai murya ta shaƙe.

"Ga injiniya na," in ji Baba yana washe baki. "Ya gama transista tun mako na biyar. Mutala, ni yatsa na ya gaya mini wannan transistan ne ke zafi. Gaya ma Malam dalili, irin na bukku."

Amsar tana cikin littafina. In transista ya yi zafi, wutar da yake buƙata ya buɗe takan ragu, sai ya ƙara jan wuta, ya ƙara zafi, har ya fita daga saitinsa. Yanzu na san haka. Ran nan kuwa na buɗe baki, na ce "to", na sake cewa "to".

Baba ya sunkuyo kamar ina yi masa raɗa, ya ɗaga kai.

"Malam, ya ce zafi ne ke ƙara ma shi wuta. Turancin shi ne ya yi yawa."

Malam Muftahu ya sa mini albarka ya tafi. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, domin ban taɓa ganin Baba ya yi ƙarya ba.

Na miƙa hannu zan karɓi ƙarfen solda in taya shi. Ya janye, ya matso da allon cikin amfilifayar kusa da idonsa.

"Je gida," ya ce. "Saura mako biyu. Can wurin jarrabawa ba na iya amsa ma ka."